Teburin abincin mako na gida: kalori, kuɗin kowane girki da layin cefane

Tambaya: Salam Anti. Mu shida ne a gida, ni da maigida da yara huɗu, shekara 12, 9, 6 da 3. Ina so in yi tebur na abincin sati guda wanda zai nuna kalori, da kuɗin kowane girki, da kuma layin abin da za a sayo a kasuwa. Na gwada sau biyu lissafin ba ya haɗuwa, kuɗin cefane kullum sai ya ƙare ran Alhamis. Ta ina zan fara don Allah?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun kafin in ga teburin naki zan iya cewa daga faranti kika fara lissafi, wato kin rubuta "shinkafa da wake, faranti ɗaya" sai kika shiga waya kika nemo kalorinsa, sannan kika kintaci kuɗinsa da ka, sannan kika rubuta cefane daban. Abu uku kenan daga wuri uku, to ta yaya za su haɗu? Ni shekaruna da dama ina tsara wa mutane abinci, kuma abin da nake gaya wa kowa shi ne a bar faranti a koma tukunya. Abin da kika zuba a tukunya yana ɗanye shi za ki auna, kuma wannan awon guda ɗaya shi zai ba ki kalori, shi zai ba ki kuɗi, shi zai ba ki cefane.

Dalilin da ya sa nake nacewa kan ɗanye shi ne ruwa. Ɗanyar shinkafa giram 100 tana da kalori wajen 360, amma in ta dahu ta sha ruwa ta kumbura, giram 100 na dafaffiyar bai wuce 130 ba. Tuwo ma haka, wata tana tuƙa shi da tauri wata da laushi, malmala ɗaya a gidanki ba ita ce malmala ɗaya a gidan maƙociyarki ba. Amma garin da aka zuba ba ya ƙarya. Kuma ai a kasuwa ma ɗanye kike saye, ba a sayar miki da faranti ba.

Saboda haka abu na farko ki nemi ƙaramin sikelin kicin mai batir, in ba ki da shi ki ara na kwana ɗaya, ya isa. Ki auna ma'aunanki na gida sau ɗaya ki rubuta: kwanon da ake auna miki hatsi da shi a kasuwa, gwangwanin madarar da kike ɗibar shinkafa, ludayin da kike zuba mai. Kar ki ɗauki awon wani, don mudu ba ɗaya ba ne, na Kano daban na Abuja daban, ko a kasuwa ɗaya ma wani ya cika ya yi tozo wani ya shafe. A misalin da zan ba ki zan ƙaddara kwano kilo 2 da rabi ne, ke kuma ki sa abin da sikelinki ya nuna.

Lambobin kalori da kike buƙata ba su da yawa, kuma suna da sauƙin riƙewa. Busasshen hatsi kusan duk abu ɗaya ne: shinkafa, garin masara, gero, dawa, taliya, duk suna tsakanin 350 da 380 a giram 100, ni 3.6 nake sa wa kowane giram. Wake 3.4, sukari 4, gyaɗa 5.7, burodi wajen 2.65, ƙwai ɗaya wajen 70. Mai kuwa, ko man gyaɗa ne ko manja, kusan 9 ne a kowane giram, ya fi ninkin hatsi biyu. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120, shi ya sa in teburin mutum ya kauce da yawa man nake fara tambaya. Ganye da tumatir da albasa ba sai kin wahalar da kanki ba, ki sa musu 100 ko 200 a tukunya ki wuce.

Sai buƙatar gidan. Magidanci mai zirga-zirga daidai gwargwado ana sa masa wajen 2,500 a rana, ke 2,000, in kina shayarwa ki ƙara wa kanki kamar 500. Ɗan shekara 12 mu sa 2,000, ɗan 9 mu sa 1,700, ɗan 6 mu sa 1,400, autan 1,100. An haɗa 10,700 kenan a rana. Wannan kintace ne, yaron da ke wuni yana buga ƙwallo ba ɗaya yake da mai zaman gida ba, amma ya isa ya zama ma'auni. Ni nakan raba shi kamar haka, safe wajen 2,700, rana da dare wajen 4,000 kowanne.

Bari mu girka abu ɗaya tare ki ga yadda yake tafiya, garau-garau na ranar Litinin. Farashin da zan sa na misali ne kawai, kin san yadda kasuwa take, yau wani gobe wani. Mu ce kwanon shinkafa ₦4,000, in kika raba da giram 2,500 kowane giram ya zama ₦1.6. Kwanon wake ₦3,000, giram ₦1.2. Litar mai nauyinta wajen giram 910 ne ba 1,000 ba, don mai bai kai ruwa nauyi ba, in an saye ta ₦2,700 giram ya kama kusan ₦3.

To kin zuba shinkafa giram 600, kalori 2,160, kuɗi ₦960. Wake giram 300, kalori 1,020, kuɗi ₦360. Mai giram 100, kalori 900, kuɗi ₦300. Albasa da yaji da latas da dunƙule da gishiri, kalori 100, kuɗi ₦400. Sai abin da kowa ke mantawa, wuta, ko gas ne ko gawayi, kuma wake ɗin nan yana cin wuta, mu sa ₦250. Tukunyar gaba ɗaya ta tashi kalori 4,180 a kan ₦2,270.

In kina son sanin rabon kowa kar ki raba shida daidai, ai autan ba zai ci abin da babansa zai ci ba. Maigida 2,500 ne cikin 10,700, wato kashi 23 cikin ɗari, rabonsa a tukunyar nan wajen kalori 980. Autan kashi 10, wajen 430. A tebur dai ni na tukunya nake rubutawa, rabon kowa kuma a ƙasa sau ɗaya, ba sai an maimaita shi sau ashirin da ɗaya ba.

Ga yadda kwana biyun farko za su fito:

| Rana | Abinci | Kalori | Kuɗi | Cefanen ranar |
|---|---|---|---|---|
| Litinin safe | Koko da ƙosai | 2,710 | ₦1,380 | kuɗin niƙa, attarugu |
| Litinin rana | Shinkafa da wake da mai da yaji | 4,180 | ₦2,270 | latas |
| Litinin dare | Tuwon masara miyar kuka da nama | 4,020 | ₦3,320 | nama giram 250 |
| Talata safe | Shayi da burodi da ƙwai | 2,770 | ₦3,600 | burodi |
| Talata rana | Dafa-dukan taliya | 4,150 | ₦3,100 | tumatir, tattasai |
| Talata dare | Tuwon shinkafa miyar taushe | 3,760 | ₦2,540 | kabewa, alayyahu |

Litinin ta tashi kalori 10,910 a ₦6,970, Talata 10,680 a ₦9,240. Ki tsaya ki kalli layin safe guda biyun nan da kyau. Kalorinsu kusan ɗaya ne, amma shayi da burodi da ƙwai ya ninka koko da ƙosai sau biyu da rabi a kuɗi, har ya fi tuwon da aka sa wa nama tsada. Mutane da yawa suna ganin karin safe ai ƙaramin abu ne, babban kashin kuɗi yana rana da dare, alhali in ana shan shayi da burodi sau biyar a sati nan ne rijiyar da kuɗin ke faɗawa. Ban ce a daina ba, ran da ake saurin makaranta wa zai tsaya suyar ƙosai? Amma yanzu kin san farashin saurin, sai ki zaɓi ranakun da ya cancanta.

Sauran kwanakin ki cika su da abin da gidanki ya saba, ɗanwake, fate, dambu, shinkafa da miya ran Juma'a, doya ko dankali ran Asabar. Kar ki ƙirƙiro abinci ashirin da ɗaya daban-daban, girki goma ko sha biyu da ake juyawa sun isa, kuma kowanne sau ɗaya za ki yi lissafinsa.

Yanzu layin cefane, kuma ina kyautata zaton nan ne asirin Alhamis ɗinki yake. Kuɗin girki da kuɗin kasuwa ba abu ɗaya ba ne. Layin kuɗi yana gaya miki darajar abin da aka cinye. Layin cefane yana gaya miki abin da zai fita daga jaka. Misali a satin kin sa shinkafa sau uku, giram 600 kowanne, giram 1,800 kenan, darajarta ₦2,880. Kin leƙa sito kin tarar da saura giram 500, abin da ya rage 1,300. Amma in da kwano kike saye ₦4,000 za ki biya, sai giram 1,200 ya tsallaka sati mai zuwa. Wani satin kuma ba za ki sayi shinkafa ba sam amma mai da sukari da gas za su ƙare rana ɗaya kamar sun haɗa baki. In kika tara layin kuɗi kika ce wa maigida ga kuɗin cefanen sati, wani satin za a samu rara wani satin a tsaya a hanya. Abin da za ki yi, jimlar layin kuɗi na sati huɗu ita ce kasafin wata, amma kuɗin da za a riƙe zuwa kasuwa daga lissafin cefane yake fitowa.

Shi ya sa nake raba cefane gida biyu. Busassun kaya, su hatsi, wake, mai, sukari, taliya, dunƙule, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, waɗannan ba sa shiga layin kowace rana, jeri ɗaya ake yi musu a ƙasan tebur ko a wani shafi: abin da satin ke buƙata, a cire abin da ke sito, a cike zuwa ma'aunin da ake sayarwa. Layin da ke cikin tebur kuwa na kayan da ke lalacewa ne, kuma amfaninsa ya gaya miki ranar da za a saya. Alayyahu da latas ba sa kwana biyu da zafin nan, nama in wuta ba ta zama a unguwarku firij ba abin dogaro ba ne. Don haka ki jera girkin yadda zai bi kasuwa, masu ɗanyen ganye da tumatir su zo ranar cefane da washegari, miyar kuka da busasshiyar kuɓewa da wake su koma ƙarshen sati. Na taɓa ganin tebur mai kyau, an yi masa kala-kala, amma an sa fate da alayyahu ran Alhamis alhali cefanen Asabar ake yi, ganyen ya narke a leda tun Litinin, aka sake saye. Irin wannan sayen sau biyu ba ya fitowa a kowane layi amma yana fitowa a aljihu.

In a littafi za ki yi, abin da na faɗa ya isa, biro da kalkuleta. In kuma a Excel ne ko Google Sheets na waya, ki buɗe shafi uku. Na farko ki sa masa suna Kaya: layin A sunan kaya, B kalori a giram, C naira a giram, D giram nawa ke sito, E nauyin ma'aunin saye a giram. Na biyu Girki: A lokacin, misali Litinin rana, B sunan kaya, C giram nawa, kowane kaya da jerinsa. Sai ki sa waɗannan a jeri na biyu, na farko a layin D na biyu a layin E, ki ja su ƙasa:

```
=C2*VLOOKUP(B2,Kaya!A:C,2,FALSE)
=C2*VLOOKUP(B2,Kaya!A:C,3,FALSE)
```

Na uku shi ne teburin kansa, inda A ke ɗauke da lokacin, sai ya tattaro kalori da kuɗi:

```
=SUMIF(Girki!A:A,A2,Girki!D:D)
=SUMIF(Girki!A:A,A2,Girki!E:E)
```

Cefanen busassun kaya kuma a shafin Kaya, layin F, zai gaya miki kwano ko leda nawa za a sayo:

```
=ROUNDUP(MAX(0,SUMIF(Girki!B:B,A2,Girki!C:C)-D2)/E2,0)
```

Daɗin wannan, in shinkafa ta tashi wuri ɗaya za ki canja, duk teburin ya gyara kansa. Abubuwan da ba a aunawa da giram, kamar wuta da kayan miya da ƙwai, ki ba su jerinsu a Kaya ki ɗauki ɗaya a matsayin guda ɗaya ko girki ɗaya. Amma ki kula da rubutun suna, mu masu rubutu da Hausa wannan yana kama mu sosai. In kin rubuta ƙwai a wani shafi kika rubuta kwai a wani, ko gyaɗa da gyada, a wurin na'ura kaya biyu ne daban. `VLOOKUP` zai yi miki ihu da `#N/A` ki gani ki gyara, shi kuwa `SUMIF` shiru zai yi ya ba ki sifili, sai ki je kasuwa ki dawo babu ƙwai. Ki zaɓi rubutu ɗaya ki riƙe shi, ko ki riƙa kwafowa daga shafin Kaya.

Akwai wasu wurare da lissafin ke zamewa ko da an yi komai daidai. Ɗumame na farko. In kin tuƙa tuwo da yawa da dare don a ɗumama da safe, ko dai ki rubuta garin duka a dare ki bar safe da kuɗin wuta kawai, ko ki raba shi biyu, amma kar ki ƙirga shi sau biyu. Ni na fi son a raba, don kalorin kowace rana ya fito daidai. Na biyu man suya. Kin zuba rabin lita a kasko ba yana nufin an sha rabin lita ba, ki auna kaskon da man kafin suya da bayan ya huce, bambancin shi ne abin da ƙosan ya sha, a lissafin ƙosan Litinin na teburin sama giram 60 na sa. Haka kamu, in an tace gero dusa tana fita da wani abu, shi ya sa giram 300 na sa masa 1,000 maimakon abin da ɗanyen geron zai bayar. Doya kuma da ɓawonta kika biya kuɗi amma ferarriya ake ci, kalorinta wajen 118 ne a giram 100 na ferarriyar, saboda haka kuɗi daga nauyin saye, kalori daga nauyin bayan fira. Nama mai ƙashi ma haka.

Sai bakin da ba a rubuta ba. Gidan Bahaushe ba ya girka wa mutum shida cif, akwai almajirin gida, akwai kwanon maƙota, akwai baƙon da ya faɗo ana shirin saukewa. In kin san kullum kwano ɗaya yana fita, ki sa shi a matsayin mutum na bakwai tun daga farko. A ɗaya gefen kuma in maigida a kasuwa ko ofis yake cin na rana, ki cire rabonsa daga tukunyar rana, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne fa, in ba haka ba kullum ragowa za ki yi ta gani.

Ta yaya za ki gane teburin ya kauce? Sati na farko ki bi shi yadda yake, ran ƙarshe ki auna abin da ya rage a sito ki gwada da abin da tebur ya ce ya kamata ya rage. In tebur ya ce za a ci mai giram 900 amma lita ɗaya da rabi ta tafi, hannunki ya fi ludayin da kika rubuta nauyi, kuma kalorin gidan ya fi abin da kike zato. In jimlar rana ta fito 6,000 alhali kowa yana ƙoshi, kin sa lambar dafaffe a wurin ɗanye ko kin manta mai. In ta fito 16,000, wani abu an ƙirga shi sau biyu ko an ƙara sifili. Bambancin 500 sama ko ƙasa kuwa kar ya dame ki, lambobin nan kansu ba su kai wannan daidaito ba, matsakaicin sati za ki duba ba rana ɗaya ba.

Abu ɗaya da layin kalori ba zai taɓa nuna miki ba shi ne ingancin abincin. Tuwo da manja kaɗai za su iya cika 10,700 a farashi mai sauƙi ƙwarai, tebur ya yi kyau, yara kuma ba su samu abin gina jiki ba. Don haka ni nakan ƙara ɗan siririn layi a gefe in sa alama duk girkin da ke da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama, awara ko nono, da wata alamar ga mai ganye. Ki tabbata kowace rana ta samu alamar farko sau biyu, ta biyun ko sau ɗaya ne. Autanki kuma cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cinye rabonsa a zama uku ba, ki ware masa wani abu tsakani, kunun gyaɗa ko ayaba ko dafaffen ƙwai, ki ba shi jerinsa a tebur da kuɗinsa. In kuma akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidan, rabon da na lissafa ba nasa ba ne, ki tafi da teburin asibiti a gyara masa nasa, za su ji daɗin ganin giram a rubuce maimakon "yana cin malmala biyu".

Ki turo min nauyin kwanonki da na ludayin mai in kin auna, da girki goman da kuka fi yi, sai mu cike Laraba zuwa Lahadi tare.